Makinta ya ƙaru, matsayinta ya sauka: me za a gaya wa mahaifinta?

«Assalamu alaikum Malam. Ni ne hedimastan wata firamare mai zaman kanta. Wani uba ya zo ofis a fusace: 'yarsa tana aji huɗu, zangon farko ta samu matsakaicin maki 62 ta zo ta 9 cikin yara 48, zango na biyu ta samu 68 amma ta koma ta 17. Malamaina sun rabu biyu, wasu na cewa mu cire matsayi daga katin sakamako, iyaye kuma ba abin da suke fara tambaya sai "na nawa ya zo?" Wanne ne ya fi adalci?»

Wa alaikumus salam Malam Hedimasta. Katin sakamako ɗaya yana ɗauke da awo iri biyu, kuma yawancin rigimar da ake yi da iyaye daga cakuɗa su take tasowa. Awo na farko yana jera yaro da 'yan ajinsa ya ce wane ne gaba, wane ne baya. Shi ne "na ɗaya", "na tara", "na ƙarshe". Awo na biyu yana ajiye wani mizani tun kafin jarrabawa, ya ce wannan ne abin da ɗan aji huɗu ya kamata ya iya, sannan ya duba ko yaron ya kai ko bai kai ba, ba tare da an kalli abin da na kusa da shi ya yi ba. Masanin ilimin nan na Amurka, Robert Glaser, shi ne ya fitar da wannan bambanci fili a wani rubutu da ya yi a 1963, amma mu a nan mun daɗe da sanin abin a aikace. A makarantar allo ba a wanke wa almajiri allo sai ya biya karatunsa daidai, ko yara nawa ne suka riga shi. Wannan awo ne da mizani. A musabaƙa kuwa mahaddata goma za su iya zuwa duk sun riƙe izu sittin, amma ɗaya ne zai zo na ɗaya. Wannan awo ne da tsara. Kowanne yana da wurinsa, kuma ba wanda zai ce wa mahaddacin da ya zo na bakwai a musabaƙa bai iya karatu ba.

Abin da lambobin yarinyar suka faɗa da abin da ba su faɗa ba

Kafin ka sake zama da uban, ɗauko babbar takardar da ake tattara makin ajin, ta zangunan biyu, ka fitar da matsakaicin makin aji na kowane zango. A ce ka tarar zangon farko ajin ya tsaya a 54, zango na biyu kuma a 65. To a karon farko yarinyar ta ɗara tsakiyar aji da maki 8, a karo na biyu da maki 3 kawai. Ajin gaba ɗaya ya tashi da maki 11, ita ta tashi da 6. Ga dalilin saukar matsayinta nan, kuma ba sai an zargi kowa da kuskuren lissafi ba.

Amma a nan ne ya kamata a yi hattara. Tashin ajin daga 54 zuwa 65 zai iya zama yara sun ƙara koyo, zai kuma iya zama takardar zango na biyu ta fi sauƙi, ko malamin ya sassauta hannu wajen ba da maki. Idan na biyun ne, 68 ɗin yarinyar ba ya nuna ta ci gaba, kamar yadda 17 ɗin ba ya nuna ta ci baya. Lambobin nan biyu, ko an haɗa su, ba su isa a yanke hukunci a kanta ba. Sai an buɗe takardun amsarta an ga abin da ta iya.

Akwai kuma cunkoson tsakiya, wanda iyaye ba sa gani domin katin ɗansu kaɗai ke hannunsu. A aji mai yara 48, na ɗaya da na biyu kan iya samun tazarar maki huɗu ko biyar, haka ma na can ƙasa. A tsakiya kuwa yara goma sha biyar za su iya matsuwa tsakanin 64 da 70. Idan takardar lissafi tambaya 20 ce, kowace tambaya maki 5 ke nan. Yarinya ta tashi da zazzaɓi ranar jarrabawa ta kuskure tambayoyi biyu da ta sani, ko ta karanta 6 a matsayin 9 saboda bugun takardar bai fito ba, wannan kaɗai zai iya tura ta baya da mutum huɗu ko biyar. Matsayi yana nuna wa uba kamar tsakanin ta 9 da ta 17 akwai rata mai yawa, alhali sau da yawa ratar ba ta wuce kuskuren awon kansa ba.

Abu na uku ya fi ɓoyuwa. Idan an tara makin darussa aka fitar da matsayi daga jimla, darasin da makinsa ya fi warwatsuwa shi ne ke yanke hukunci, ko da duka darussan a kan 100 aka yi su. A ce makin lissafi ya fara daga 15 ya kai 95, na Hausa kuma kowa yana tsakanin 60 da 80. Yaron da ya fi kowa a Hausa da 80 ya samu 55 a lissafi yana da 135. Wanda ya zo na ƙarshe a Hausa da 60 amma ya samu 90 a lissafi yana da 150, ya wuce shi nesa. Abin da kati ya kira matsayi a aji, a gaskiya kusan matsayin lissafi ne. Idan makarantarka tana da aji huɗu kashi biyu, kowanne da malaminsa da takardarsa, to na biyar a wannan ɗaki zai iya zama na ashirin a wancan, kuma iyayen yaran suna haɗuwa a masallaci ɗaya suna kwatantawa.

Babban aibin matsayi a wurina shi ne ba ya ƙaruwa. Ko malami ya yi aikin da duk ajin suka ƙware, dole wani ya zo na 48. Ko kuma ajin gaba ɗaya ba wanda ya iya karanta shafi ɗaya, dole wani ya zo na ɗaya, uban ya saya masa keke, ba wanda ya san akwai matsala sai ranar jarrabawar shiga sakandare.

Makin cin jarrabawa ba shi ne mizani ba

Malamanka masu son a cire matsayi wataƙila suna ganin idan aka tsaya ga maki da haruffa kaɗai an koma awo da mizani ke nan. Ba haka ba ne. Makarantu da yawa sun ari jerin da aka saba gani a sakamakon WAEC, daga A1 zuwa F9, suka ce 75 zuwa sama A1, 50 zuwa 54 C6, ƙasa da 40 faɗuwa. A Nijar ana ba da maki a kan 20, kuma 10 ce tsakiyar da ake nema. Waɗannan duka iyakoki ne a kan lamba. Tambayar ita ce kashi 40 cikin ɗari na me? Idan malami ya zauna daren jajibiri ya ɗebo tambayoyi daga inda littafi ya buɗe, 40 ɗin wannan zangon da 40 ɗin zango mai zuwa ba abu ɗaya suke nufi ba.

Mizani na gaskiya yana farawa ne daga rubuta abin da ake so yaro ya iya, da kalmomin da uba zai gane. Ɗauki lissafin aji huɗu na zango ɗaya, ka ciro daga manhaja ƙwarewa biyar, kada su wuce haka: karantawa da rubuta lambobi masu gida huɗu, tarawa mai ajiye, ɗebewa mai aro, ninkawa, sai kuma lissafin da aka ba shi cikin zance, irin na cinikin kasuwa. Kowace ƙwarewa ka ba ta tambaya 6, takarda ta zama tambaya 30. Tun kafin a buga takardar a amince a rubuce cewa wanda ya ci 5 ko 6 ya iya, wanda ya ci 3 ko 4 ya kusa, wanda ya ci 2 zuwa ƙasa bai kai ba tukuna.

Me ya sa shida, ba biyu ba? Domin tambaya biyu ba ta raba sani da sa'a. Idan tambayoyin na zaɓi ne masu amsa huɗu, yaron da bai san komai ba yana da damar ɗaya cikin 16 ya dace da duka biyun, wato a ajinka mai 48 kimanin yara uku za a rubuta wa "ya iya" a kan canki-canka. Cin 5 cikin 6 ta hanyar canka kuwa bai kai sau ɗaya cikin 200 ba. A lissafi ma ya fi kyau a bar yaro ya rubuta aikinsa da hannunsa, domin a aikin ne ake ganin inda ya karkace.

Yanzu dubi yara biyu da suka tashi da 18 cikin 30, wato 60 cikin ɗari, waɗanda a tsohon kati za su yi kunnen doki. Na farko ya ci shida shida a lambobi, tarawa da ninkawa, bai ci ko ɗaya ba a ɗebewa da lissafin zance. Ta biyu ta ci 4, 4, 4, 3, 3. Na farkon, idan ka buɗe takardarsa, mai yiwuwa ka ga an ba shi 402 a ɗebe 178 ya rubuta 376. Abin da ya yi shi ne a kowane gida yana cire ƙaramar lamba daga babba ko wacce ce a sama: 2 daga 8 saura 6, sifiri daga 7 saura 7, 1 daga 4 saura 3. Kuskure ɗaya ne yake maimaitawa, kuma shi ne ya kayar da shi a lissafin zance domin tambayoyin na canji ne. Zama biyu ko uku da tsinken ashana ɗauri goma goma, yana kwance ɗauri idan zai yi aro, yakan gyara wannan. Ta biyun ba ta da rami ɗaya babba, amma ba inda ta tsaya da ƙafarta, ita maimaici take buƙata a ko'ina da kuma a duba ko gaggawa ce ke cin ta. Lamba 60 ba za ta gaya wa uba ko ɗaya daga cikin wannan ba, matsayi kuma ko kusa.

Inda awon mizani ke lalacewa

Kada a ɗauka da zarar an koma wannan hanya adalci ya samu. Matsayi yana da wata kariya guda: ko malami ya yi sassauci ko ya tsaurara, jerin yaran ba ya canzawa sosai. Mizani ba shi da wannan kariyar, gaba ɗayansa yana rataye ne a kan ingancin takardar da amanar mai dubawa. A makaranta mai zaman kanta, inda kuɗin makaranta ke biyan albashi, jarabar a rubuta wa kowa "ya iya" ba ƙarama ba ce, kuma uban da aka yi wa haka an cuce shi fiye da wanda aka gaya wa 'yarsa ta zo ta 17.

Wurin da ɓarakar ta fi shiga shi ne makin gwaje-gwajen cikin zango. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ce ta kawo wannan tsari a Najeriya domin kada jarrabawar rana ɗaya ta yanke makomar yaro, kuma makarantu kan ba shi maki 30 ko 40 cikin 100. Sai dai a wurare da yawa ya zama kwandon da ake zuba komai: tsaftar littafi, zuwa da wuri, kawo tsintsiya, ladabi. Duk waɗannan abubuwan kirki ne, amma gurbinsu daban a kati, ba a cikin makin lissafi ba. Gane wannan ba wuya. Jera makin cikin zango kusa da na jarrabawa. Idan ka ga yara da yawa suna da 35 ko 36 cikin 40, sannan 14 ko 15 cikin 60, to ɗaya daga cikin awon biyu ba lissafi yake aunawa ba. Haka nan idan duk ajin makin cikin zangonsu yana tsakanin 32 da 38, malamin bai auna ba, rabawa ya yi.

Harshe ma wani tarko ne. Lissafin zance da aka rubuta da Turanci, ga yaron da Hausa yake ji a gida, yakan zama gwajin Turanci. Hanyar ganewa ita ce ka ɗauki yara biyar da suka faɗi wannan sashe, ka karanta musu tambayar da Hausa. Idan uku ko huɗu suka warware ta, abin da ya kamata a rubuta wa iyaye shi ne karatun Turancin ke da rauni, lissafin lafiya lau.

Maganin son rai shi ne kada malami ɗaya ya zama mai koyarwa, mai fitar da tambaya, mai dubawa, ba tare da ido na biyu ba. Wani malamin ya duba takardar kafin a buga, yana riƙe da jerin ƙwarewar nan biyar. A rubuta amsoshi da yadda za a raba maki kafin a fara dubawa. Bayan an gama, a zaro takardu goma, uku daga sama, huɗu daga tsakiya, uku daga ƙasa, a rufe makin, wani ya sake dubawa. Idan aka samu saɓani a hukuncin "ya iya" ko "ya kusa" a fiye da biyu cikin goman, a zauna a daidaita fahimta, sannan a sake duba sashen da aka saɓa a kansa na dukan ajin. Idan kuma wata tambaya ta kayar da kusan kowa har da yaran da suka ci sauran biyar na sashenta, a fara tuhumar tambayar kafin a tuhumi yaran.

Wannan tsari yana cin lokaci, ba zan ɓoye maka ba. Yara 48 sau ƙwarewa biyar gurbi 240 ne a darasi ɗaya. Malamin da ke da yara 90 a ɗaki ba zai iya yin haka a darussa goma ba, kuma idan aka tilasta shi zai cike gurabe ne da ka. Shi ya sa nake ganin a fara da lissafi da karatu kaɗai, sauran darussa a bar su da maki yadda aka saba.

To a cire matsayin ne?

Iyayen da ke tambayar "na nawa ya zo" ba jahilci ke sa su ba. Uba ya san maki 70 a wannan makaranta ba lallai ya zama 70 a waccan ba, sai ya nemi abin da zai kama, kuma ya san gaba akwai inda za a jera ɗansa da wasu. Jarrabawar JAMB a kan 400 ake yin ta, kuma a sashen da masu nema suka ninka gurabe, kamar likitanci, haye mafi ƙarancin maki ba ya ba da gurbi, sai an ga waɗanda suka fi. Duk inda kujeru suka yi kaɗan, ko tallafin karatu, ko zaɓen wanda zai wakilci makaranta a gasa, jeri dole ne. Ɓoye wa uba inda ɗansa yake a cikin tsararsa gaba ɗaya shi ma tauye haƙƙi ne.

Shawarata ita ce a canza abin da ke zuwa farko da kuma kaifin lambar. A saman kati a sa ƙwarewar da hukuncin kowacce. A ƙarƙashi a sa makin yaro a kowane darasi, kusa da shi matsakaicin aji, da mafi girma da mafi ƙanƙanta. A maimakon lamba ɗaya, a raba ajin kashi huɗu, yara goma sha biyu goma sha biyu, a ce yana rubu'in farko, na biyu, na uku ko na huɗu. Wannan ma yana da iyaka, domin na 12 da na 13 za su faɗa rubu'i daban alhali kusan ɗaya suke, amma ya rage tsalle-tsallen da ba shi da ma'ana. Uban da ya nace sai ya ji ainihin lambar, a gaya masa a ofis tare da tazarar makin da ke tsakanin ɗansa da na gabansa. Karanta jerin a filin taro daga na ɗaya har na ƙarshe kuwa a daina, domin yaron da aka kira na ƙarshe a gaban ƙannensa ba abin da ya ƙaru da shi.

Ka ƙara layi ɗaya da makarantu ba sa son sawa: yara nawa ne a ajin suka kai mizani a kowace ƙwarewa. Idan kati ya ce yarinya ba ta kai ba a ɗebewa mai aro, kuma 40 cikin 48 sun kai, aikin nata ne da na gida. Idan 9 ne kawai suka kai, aikin na malami ne da naka, kuma bai dace a tura wa uba katin da zai sa ya ɗora wa 'yarsa laifin da na makaranta ne ba. Kada kuma a yi canjin a ɓoye a ƙarshen zango. A kira taron iyaye da malamai a farkon zango, a nuna musu katin yaran nan biyu masu maki 60 ba tare da suna ba, su da kansu za su ga bambancin. A zangon farko na canjin ma ana iya barin tsohon matsayin a ƙasan kati da ƙananan haruffa, har ido ya saba.

Shi kuma uban da ya zo ofis, ka kira shi da malamin ajin, ka ajiye takardun amsar 'yarsa na zangunan biyu a gabansa. Ka nuna masa matsakaicin aji na kowane zango, ka ƙirga masa yara nawa ne ke tsakanin makinta da maki uku sama da ita, sannan ka buɗe takardar lissafi da ta karatu ka nuna abu biyu da ta iya yanzu waɗanda ba ta iya ba a zangon farko, da abu ɗaya da har yanzu take kuskurewa, da ainihin aikin hannunta. Idan ka duba ka ga babu abin da ya ƙaru a hannunta, takardar ce kawai ta yi sauƙi, ka faɗa masa hakan ma ba tare da kwana-kwana ba. Ku rabu a kan aiki ɗaya: abin da malami zai yi da ita a aji, abin da za a riƙa yi da ita minti goma sha biyar bayan magariba, da ranar da zai dawo, bayan mako huɗu, a ba ta sababbin tambayoyi shida a kan wannan ƙwarewar a gabansa.